Wasiƙar Neman Ɗaukar Nauyi: Faɗa wa Kamfani Abin da Zai Samu

Duk shekara, idan lokacin wasannin gidaje ya gabato a makarantun sakandare, ko ƙungiyar unguwa ta shirya gasar ƙwallo ko musabaƙa, sai a kafa kwamitin neman kuɗi. Kwamitin ya zauna ya rubuta wasiƙa ɗaya, a buga kwafi ashirin, a rarraba wa bankuna da kamfanonin waya da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Yawancin wasiƙun nan da lafazi ɗaya suke buɗewa: muna roƙon ku taimaka mana da abin da Allah Ya hore muku. Daga nan sai jira. Mako uku ya wuce, wata ya cika, ba amsa, sai 'yan kwamiti su yanke hukuncin cewa kamfanoni marowata ne.

Sau da yawa ba rowa ba ce. Wasiƙar ce ta nemi sadaka a wurin da ake ciniki. Kamfani yana da kuɗin da ya ware domin talla, kuma wanda aka damƙa wa kuɗin nan a ƙarshen shekara zai tsaya gaban na sama da shi ya yi bayanin abin da kowace naira ta jawo. Idan wasiƙarku ba ta ba shi abin da zai faɗa a wannan zaman ba, ko da yana son makarantarku har zuci, hannunsa a ɗaure yake. Saboda haka aikin mai rubuta wasiƙar shi ne ya nuna wa kamfani, da lissafi, abin da zai samu idan ya ɗauki nauyin taron.

Gudummawa daban, ɗaukar nauyi daban

Attajirin unguwa da ya ba makaranta buhun shinkafa domin walimar yaye ɗalibai gudummawa ya bayar. Lada yake nema, kuma wani ma ba ya son a ambaci sunansa. Ɗaukar nauyi kuwa yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu: kamfani ya ba da kuɗi ko kaya, masu taro su ba shi damar nuna kansa ga jama'ar da suka tara. Kamfanin Nestlé ya daɗe yana ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare a Nijeriya da sunan Milo, haka kamfanin Promasidor ya daɗe yana ɗaukar nauyin gasar lissafi da sunan madarar Cowbell. Duk wanda ya lura zai ga dalilin zaɓin: yaran da ke wasan da iyayen da ke kallo su ne masu sayen kayan shayi. Makarantu sun amfana, kamfanonin ma sun amfana, shi ya sa abin ya ɗore.

Ƙaramar makaranta ba ta da talabijin, amma tana da abin da kamfani ke biyan kuɗi ya samu. Tana iya tara mutum dubu biyu a fili ɗaya na tsawon sa'o'i biyar, cikin nishaɗi, a wurin da iyaye suka amince da shi. Wannan ita ce hajarku, kuma a kanta za a gina wasiƙar.

A fara da lissafin gida

Kafin a rubuta kalma ɗaya, kwamiti ya san abu biyu: nawa taron zai ci, kuma mutum nawa za su zo. Bari mu ɗauki misalin wata makarantar sakandare ta je-ka-ka-dawo mai ɗalibai 1,200 da gidajen wasa huɗu, wadda ke shirin wasanninta a ƙarshen Janairu. Farashin da zan kawo na misali ne kawai, kowane kwamiti sai ya shiga kasuwa ya tambayo na ranar.

Rigunan 'yan wasa 200 a kan naira 3,500 sun kama 700,000. Kofuna da lambobin yabo 180,000. Hayar rumfuna goma 150,000, kujeru 500 kuma 100,000. Lasifika da janareta 120,000, kayan agajin gaggawa da sallamar ma'aikatan jinya 100,000, buga katin gayyata da takardar tsarin taro da kyallaye 90,000, ruwan sha 60,000. Jimla naira miliyan ɗaya da rabi. Makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai sun ɗauki 500,000, tsofaffin ɗalibai sun yi alkawarin 200,000. Giɓin da ya rage 800,000 ne.

Wannan lissafin yana da amfani biyu. Na farko, ya nuna wa kamfani cewa masu taron sun fara zuba nasu kafin su nemi na wani. Na biyu, ya ba kwamiti damar yanka giɓin gida-gida: babban mai ɗaukar nauyi guda ɗaya a kan 500,000, sai masu ɗaukar nauyin gidajen wasa huɗu, kowanne 75,000. Ta haka masana'anta za ta iya ɗaukar babban kaso, mai kantin littattafai ko mai shagon ɗinki na unguwa ya ɗauki gida ɗaya.

Game da yawan jama'a, gaskiya ita ce jari. Ɗalibai 1,200 tabbas ne, tunda suna cikin rajista. Idan bara iyaye da baƙi kusan 600 suka zo, kuma makarantu biyar da aka gayyata suka kawo ɗalibai 200, to a rubuta mutum 2,000, a haɗa da hotunan bara. Manajan talla zai raba 500,000 gida 2,000 ya ga naira 250 kan kowane mutum, ya kwatanta da abin da yake biya a rediyo ko allon talla na bakin titi. Idan kuka rubuta 10,000 alhali filinku ba zai ɗauki rabin haka ba, wakilinsa zai zo ranar taron ya gani da idonsa, kuma baɗi ko wayarku ba za a ɗauka ba.

Wane kamfani, kuma wa za a rubuta wa?

Tambayar da ta dace ita ce: wa ke son mutanen da za su zo taronmu su zama abokan cinikinsa? Ga taron makaranta, amsar takan faɗa kan masu yin lemo da yogot da biskit da ruwan sha, masu buga littattafan rubutu, bankin da ke son iyaye su buɗe wa yara asusu, da masu sayar da fitilar sola. Ga taron manoma a ƙauye kuwa, masu taki da iri da maganin feshi su ne a gaba. Kamfanin da ke sayar da injinan masana'anta ba shi da abin nema a filin 'yan sakandare, komai girman arzikinsa.

Akwai kuma waɗanda ba a zuwa wurinsu ko da za su bayar. Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana kamfanonin taba talla da ɗaukar nauyin taruka. Masu giya da masu cacar ƙwallo ba su da gurbi a taron yara, kuma iyaye ba za su yafe wa makarantar da ta rataya kyallensu ba. Haka nan a kula kada a gayyato kamfanoni biyu masu sayar da kaya iri ɗaya. Kishiyoyi ne, ba a haɗa su ɗaki ɗaya. Wanda ya biya babban kaso yana sa ran shi kaɗai ne mai lemo a filin, kuma wannan keɓancewar tana cikin manyan abubuwan da yake saye.

Wasiƙar da aka rubuta wa "duk wanda abin ya shafa" ba ta shafi kowa ba, a teburin mai gadi take kwana. A manyan kamfanoni, manajan talla ko jami'in hulɗa da jama'a ne ke duba irin wannan buƙata. Idan hedikwatar tana Legas, ƙofar da ta fi kusa ita ce manajan yanki ko babban dilan kamfanin a garinku, domin shi ne aka ɗora wa adadin kayan da zai sayar, shi ne kuma zai fi saurin ganin amfanin rumfa a filinku. A banki, manajan reshe ne zai karɓa ya tura sama da shawararsa. A ƙaramar masana'anta kuwa, mai ita ne ke yanke hukunci, kuma zai fi kyau shugaban makaranta da wani dattijo su kai masa takardar hannu da hannu. A bincika a cikin iyayen yara da tsofaffin ɗalibai, da wuya a rasa wanda ke aiki a wurin ko yake sarin kayansu.

Lokaci ma yana yanke hukunci. Bankunan Nijeriya da kamfanoni da yawa suna rufe shekarar lissafinsu a ƙarshen Disamba, kuma kasafin shekara mai zuwa a watannin ƙarshe ake tsara shi. Taron Janairu, wasiƙarsa ta isa a Oktoba. Wadda ta iso saura kwana goma ba za ta samu kuɗi ba, domin kafin takarda ta bi ofis-ofis a sa mata hannu an riga an tashi daga taron. In an yi sa'a a samu katan biyar na lemo.

Yadda wasiƙar take

Shafi ɗaya ya isa, a kan takarda mai ɗauke da suna da tambarin makaranta. Manyan kamfanoni da Turanci ake rubuta musu, ɗan kasuwar gida kuma Hausa ta fi shiga ransa, amma ginin ɗaya ne. Ga yadda makarantar misalinmu za ta rubuta wa wata masana'antar yogot da ke garin:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Makarantarmu za ta gudanar da wasannin gidaje na shekara-shekara ranar Asabar ta ƙarshe a watan Janairu, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, a filin makaranta. Muna sa ran mutum 2,000: ɗalibanmu 1,200, iyaye da baƙi kimanin 600, da ɗalibai 200 daga makarantu biyar na maƙwabta. Muna gayyatar kamfaninku ya zama babban mai ɗaukar nauyin taron a kan naira 500,000.

"Ga abin da kamfaninku zai samu. Za a buga tambarinku a bayan rigunan 'yan wasa 200, waɗanda ɗalibai za su ci gaba da sawa a ranakun motsa jiki har ƙarshen shekara. Za ku kafa kyallaye huɗu: biyu a bakin ƙofa, ɗaya a rumfar manyan baƙi, ɗaya a layin ƙarshen tsere. Za a ba ku rumfa kusa da ƙofar shiga domin sayarwa da ɗanɗana wa jama'a kayanku, kuma ba wani mai yogot ko lemo da zai yi ciniki a filin ranar. Kofin gidan da ya zo na ɗaya zai ɗauki sunan kamfaninku, wakilinku ne zai miƙa shi, kuma zai yi jawabin minti biyar. Sunanku zai fito a katin gayyata 500 da bangon takardar tsarin taro.

"Taron zai ci naira 1,500,000. Makaranta da iyaye da tsofaffin ɗalibai sun ɗauki 700,000, cikakken kasafin yana haɗe da wannan takarda tare da hotunan bara. Idan ya fi muku sauƙi, kuna iya biyan mai ɗinkin rigunan kai tsaye maimakon ba mu kuɗi. Muna roƙon amsa kafin 15 ga Disamba, domin a ranar za a miƙa aikin buga riguna. Cikin mako biyu bayan taro za mu kawo muku rahoto da hotuna da rasit. Sakataren kwamiti zai kira ofishinku mako mai zuwa domin neman lokacin ganawa."

Sai sa hannun shugaban makaranta da shugaban kwamiti, da hatimi, da lambar wayar mutum ɗaya wanda zai ɗauka duk lokacin da aka kira.

A lura da abin da wasiƙar ta yi. Tun a sakin layi na farko mai karatu ya san rana da wuri da yawan jama'a da adadin kuɗin da ake nema. Ba a cinye rabin shafi ana ba da tarihin kafuwar makaranta ba. Kowace fa'ida kuma an ba ta adadi da wuri: riguna 200, kyallaye huɗu, minti biyar. Kalamai irin su "kamfaninku zai ƙara farin jini a idon al'umma" suna da daɗin ji, amma ba wanda zai iya aunawa, kuma ba wanda zai iya cewa an cika ko ba a cika ba. Ranar ƙarshen amsa ma an ba ta dalili na gaskiya, don haka ba ta zama gadara ba.

Zaɓin biyan mai ɗinki kai tsaye yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kamfanoni da yawa sun fi sakin jiki da ba da kaya ko biyan ɗan kwangila, saboda sun san inda kuɗin ya tafi. Mai ruwan leda zai fi saurin ba da jaka 150 a kan ya ba da naira 60,000, tunda abin da ya kashe wajen yin ruwan bai kai kuɗin da ake sayar da shi ba. Ga makaranta kuwa duk ɗaya ne, layi guda ya fita daga kasafi.

Abin da ba a alkawartawa

Kwamitin da ke cikin matsi yakan yi alkawarin abin da ba nasa ba. Na farko shi ne sunaye da lambobin wayar iyaye. Wani wakilin banki ko kamfanin waya zai nema, amma makaranta amana aka ba ta. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta tsaurara a kan sarrafa bayanan mutane, kuma a kan na yara ta nemi yardar iyaye ko masu riƙo. Hanya mai tsabta ita ce kamfani ya ajiye takarda a rumfarsa, duk uban da ya ga dama ya rubuta lambarsa da hannunsa. Haka batun hotunan yara: ɗaukar hoton taro domin rahoto daban, saka fuskar yarinya a allon talla daban, kuma na biyun sai da izinin iyayenta a rubuce.

Na biyu, kada a yi alkawarin cewa gwamna ko kwamishina ko sarki zai halarta, sai in an samu tabbaci a rubuce. A ce an gayyace su, in dai an gayyata. Haka ba a alkawarin cewa gidan rediyo zai watsa taron alhali ba a biya kuɗin fili ba. Na uku, kada a rubuta wa kamfani cewa za a rage masa haraji saboda abin da ya bayar. Wannan yana da sharuɗɗa a doka, kuma akawun kamfanin ya fi kwamiti sanin su. Na huɗu, ba a tilasta wa ɗalibai sayen kayan mai ɗaukar nauyi. Rumfa aka ba shi, ciniki kuma tsakaninsa da mai so.

Makarantar gwamnati tana da ƙarin mataki. Kafin a rataya kyallen kamfani a harabarta, shugaban makaranta ya sanar da ofishin ilimi na shiyya ko hukumar da ke kula da makarantar, ya kuma sa kwamitin al'umma mai kula da makaranta a cikin maganar. Ƙungiyar unguwa kuma, idan tana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ko da ƙaramar hukuma, ta haɗa kwafin takardar. Kuɗi kuwa ta asusun makaranta ko na ƙungiya za su shiga, mai sa hannun mutum biyu ko uku. Lambar asusun mutum ɗaya a ƙasan wasiƙa ita ce alamar da ta fi saurin sa kamfani ya ja da baya, domin 'yan damfara ma da irin wannan takarda suke yawo.

Bayan an kai takarda

A kai kwafi biyu, a bar ɗaya, a sa sakatare ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan. Bayan mako guda a kira kamar yadda aka faɗa. Akwai alamomin da ke nuna inda maganar ta dosa. Idan aka fara tambayar faɗin kyalle, ko ina rumfar za ta kasance, ko wane ne ya ɗauki nauyin bara, to ana sha'awa. Idan aka ce kasafin bana ya ƙare, a tambayi watan da ya dace a kawo ta baɗi, a rubuta a ajiye. Idan aka taya ƙasa da abin da kuka nema, misali 300,000 maimakon 500,000, kada a ba da dukan fa'idodin a kan ragin. A cire tambarin riga ko sunan kofi, a sayar wa wani. In ba haka ba, baɗi daga 300,000 za a fara ciniki.

Da zarar an daidaita, a rubuta abin da aka amince a takarda ɗaya: nawa za a biya, yaushe, me makaranta za ta yi, da abin da zai faru idan aka ɗage taron. Kowane ɓangare ya sa hannu. A karɓi tambarin daga hannun kamfanin, a nuna musu samfurin riga kafin a buga 200, domin launin da ya kauce ko harafi ɗaya da ya faɗi a sunansu yana iya ɓata dukan aikin. Ranar taro a ware malami ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai tarbar wakilan kamfani da tabbatar da cewa kyallaye suna inda aka ce, mai gabatarwa kuma yana da sunan kamfanin a rubuce a hannunsa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda kwamitoci suka fi mantawa. Cikin mako biyu a kai wasiƙar godiya, da hotunan da ke nuna kyallaye da riguna da cikar fili, da adadin mutanen da suka zo na gaskiya ko da bai kai hasashe ba, da kwafin rasit na abin da aka kashe. Wannan rahoton shi manajan zai ɗauka ya shiga da shi gaban shugabanninsa, kuma da shi zai kare sunan makarantarku idan ana tsara kasafin baɗi. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma a wannan harka sai an kai rahoto ake sauke shi.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin unguwa: kafin ku buga wasiƙar bana, ku zauna ku ƙirga jama'arku, ku fitar da kasafinku, ku zaɓi kamfani uku ko huɗu da taronku zai amfana da gaske, ku rubuta wa kowanne tasa. Ku nemi adadi sananne, ku faɗi abin da za ku bayar, sannan ku cika shi ba ragi.